Katifar Mai Ciwon Baya: Ba Tauri Kaɗai Ake Dubawa Ba

Da zarar mutum ya yi kukan ciwon baya ko ciwon ƙugu, shawarar farko da ’yan uwa ke ba shi ita ce ya sauko ƙasa ya kwanta a tabarma, ko ya nemi katifa mai taurin gaske. Idan ya shiga kasuwa kuma, mai shago zai nuna masa wadda ake kira otofidik, ya doka mata hannu ya ce, “Alhaji, ji tauri, wannan ita likitoci ke cewa a saya.” Mutane da yawa sun zuba kuɗi masu kauri a kan wannan magana, sun koma gida suna tashi da asuba kafaɗa a sage, ƙugu kuma yana nan yadda yake.

An taɓa gwada wannan magana a aikace. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a ƙasar Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, irin wanda ba a gano wata cuta takamaimai da ke haddasa shi ba. An raba musu sababbin katifu, wasu masu tauri sosai, wasu masu matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wacce aka ba su ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙin ciwo a kwance, kuma sun fi iya gudanar da hidimominsu na yau da kullum. Ke nan abin da mai ciwon baya yake nema shi ne katifa tsaka-tsaki, wadda kuma za ta daɗe a tsaka-tsakin ba tare da ta lotsa ba.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa a wuya da kuma a ƙugu, sannan kafaɗa da kwatangwalo sun fi tsakiyar jiki faɗi da nauyi. Idan katifa ta cika tauri, kafaɗa da kwatangwalo ne kaɗai ke ɗaukar nauyin mutum, ƙugu ya zama a rataye babu abin da ya tallafe shi, naman wurin ya kwana a ɗaure. Idan kuma ta cika laushi, kwatangwalo ya nutse fiye da sauran jiki, baya ya lanƙwashe har gari ya waye. Katifa mai kyau tana barin wurare masu nauyi su ɗan shiga, ta kuma cike gurbin da ke ƙarƙashin ƙugu.

Abu na farko da ke rikita mai saye shi ne dansiti, domin yawancin mutane sun ɗauka shi ne tauri. Dansiti na nufin yawan kayan da aka zuba a cikin soso, ana kuma auna shi da nauyin dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a kauri. Idan aka ce soso dansiti 30 ne, to wannan dunƙulen yana da nauyin kilo 30. Tauri kuwa ya danganta ne da yadda aka haɗa sinadaran a masana’anta, don haka ana iya samun soso mara nauyi mai tauri ƙwarai, a kuma sami mai nauyi mai laushi. Abin da dansiti ke faɗa maka shi ne ƙarko. Soson da bai kai 20 ba yakan yi daɗin kwanciya yana sabo, amma ba ya jimawa yake yin rami daidai inda kwatangwalo ke sauka. Ga babban mutum mai kwana a kai kullum, gara a nemi daga wajen 28 zuwa sama, mai jiki sosai kuma ya nemi 35 ko fiye.

Idan ba a rubuta dansiti a jikin katifa ba, ana iya gano shi da sikeli da awon tela, muddin katifar soso iri ɗaya ce tun daga sama har ƙasa. Ɗauki katifar da ake kira ƙafa shida da huɗu da rabi, mai kaurin inci takwas. Tsawonta kusan mita 1.9 ne, faɗi mita 1.37, kauri mita 0.2. Idan ka ninka ukun za ka sami 0.52. Sai ka ɗora ta a sikeli, ka cire kilo ɗaya ko biyu na yadin da aka rufe ta da shi, ka raba sauran da 0.52. Idan abin da ya rage kilo 10 ne, dansiti wajen 19 ne kawai. Idan kilo 16 ne, ya kai wajen 30. Ko babu sikeli, ɗaga gefen katifu biyu masu girma ɗaya, hannunka zai gaya maka wadda aka yi wa rowar kaya. Sai dai a kula, wasu masu haɗa soso sukan zuba garin alli don ƙara nauyi. Irin wannan soso idan ka matsa shi da ƙarfi ka saki ba ya saurin dawowa, idan kuma ka murza gefensa sai ka ga yana marmashewa.

Wannan lissafi yana kuma warware wani ruɗu da ake yawan yi wajen kayan ɗaki, inda ake gasar tsayin katifa, a ce ta wance inci 20 ce. Tsayi ado ne kawai. Katifa mai inci takwas ko goma ta soso mai nauyi ta fi mai inci 20 ta soso mara nauyi amfani ga baya nesa ba kusa ba.

Ita kuwa otofidik da aka fi sayarwa a kasuwanninmu, galibi guntayen soso ne aka niƙa, aka haɗa da gam aka matse, shi ya sa idan aka buɗe ta ake ganin ta dabbare-dabbare. Tana da nauyi, tana da ƙarko, ba ta saurin lotsawa, amma ita kaɗai ta cika tauri ga yawancin mutane, musamman mara jiki da mai kwanciya ta gefe. Wadda aka ɗora wa shimfiɗar soso mai laushi na inci biyu zuwa uku a sama ta fi dacewa, kuma wanda ya riga ya sayi mai taurin yana iya sayen irin wannan shimfiɗa ya ɗora. Akwai kuma soson da ake kira memori, wanda ke ɗaukar siffar jiki a hankali. Yana rage danna kafaɗa, amma yana riƙe zafi, yana kuma ƙara laushi idan ya ji ɗumi, abin da ya kamata mai kwana a ɗakin da ba fanka a lokacin bazara ya sa a lissafi.

Katifar sifirin iri biyu aka fi samu. Akwai ta Bonnell, wadda sifirin ɗinta duka a ɗaure suke da juna da waya, don haka idan aka danna wuri ɗaya sai na kewaye su bi shi. Tana da araha kuma iska na ratsa ta, amma ba ta bin siffar jiki sosai, idan ta tsufa kuma takan yi kwari a tsakiya ta riƙa ƙara. Ɗayar ita ce mai sifirin aljihu, inda kowane sifirin ke cikin ’yar jakar yadi shi kaɗai, yana lotsawa gwargwadon nauyin da ya sauka a kansa. Wannan ta fi dacewa da mai ciwon baya. Amma ko a katifar sifirin, soson da ke samanta ne ke fara mutuwa, saboda haka a tambayi dansitinsa shi ma.

Mu ɗauki misalin magidanci direban babbar mota mai nauyin kilo 95, mai kwanciya rigingine, da maiɗakinsa mai kilo 55, mai kwanciya ta gefe. Katifar da shi zai ji tsaka-tsaki, ita za ta ji ta kamar daɓe, domin nauyinta bai isa ya lotsa ta ba. Wadda ita za ta ji daɗi kuma, shi nutsewa zai yi, gangaren da ya haifar ya riƙa jawo ta gefensa. Mafita a nan ita ce mai sifirin aljihu mai ɗan ƙarfi, ko soso mai dansiti 35 a ƙasa, da shimfiɗa mai laushi a sama: ƙasan ya riƙe nauyinsa, saman ya karɓi kafaɗarta. Kuma su je shagon tare.

A shago, danna katifa da hannu ko zama a bakinta ba gwaji ba ne. Kwanta a kai yadda ka saba kwanciya, ka yi kamar minti goma, kada kunya ta hana ka. Idan kana rigingine, cusa tafin hannunka ƙarƙashin ƙugu. In ya shige sakayau har da sauran fili, ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, kuma juyi yana yi maka wuya, ta yi laushi. In ya shiga da ɗan matsi, ka dace. Idan ta gefe kake kwanciya, sa wanda ya rako ka ya duba bayanka daga wuya zuwa ƙugu, ya ga ko a miƙe yake. Bayan an kai gida, a ba jiki makonni kaɗan ya saba kafin a yanke hukunci, a cire ledar da ta zo da ita domin tana tara zafi da gumi, a kuma riƙa juya kai zuwa ƙafa duk bayan wata uku.

Kafin ma a fita saye, a binciki ta gida. Ɗora miƙaƙƙen katako a kan katifa, ka duba ratar da ke ƙarƙashinsa. Idan ramin ya haura inci ɗaya, ta gama aiki. Ɗaga ta kuma ka duba gadon, domin katakon da ya karye ko ya yi nisa da ɗan uwansa yana lotsar da sabuwar katifa ma. Alamar da ta fi nuna laifin makwanci ita ce ciwon da ya fi tsanani da farkawa, ya lafa bayan an ɗan motsa, ko kuma mutum ya ga ya fi jin daɗin bayansa idan ya kwana a wani wuri.

Akwai kuma ciwon da katifa ba ta da abin yi a kansa. Idan ciwon yana sauka ƙafa da kasala ko mutuwar jiki, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓucewa, ko yana tare da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko ya biyo bayan faɗuwa, to maganar ta likita ce, kuma ba ta jira. Tarin fuka kan kama ƙashin baya, yakan kuma fara da ciwon da ake ɗauka na gajiya ne. Mai irin waɗannan alamu ya fara kai kuɗinsa asibiti, kamar asibitin ƙashi na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa da shi, sayen katifa ya biyo baya.