Tsanin Makamashi: Me Ya Sa Tazarar Matakansa Take Daidai Wa Daida?

Iskar nan mai guba da ke fita daga hayaƙin janareta da garwashin gawayi, wadda masana ke rubuta sunanta da CO, kowace ƙwayarta atam biyu ne manne da juna: kabon ɗaya, oksijin ɗaya. Ba a sandare suke ba. Suna matsowa kusa da juna suna ja da baya, wajen sau tiriliyan 64 a cikin daƙiƙa guda. Idan aka haska wa wannan iska hasken infared, wanda ido ba ya gani, sai a tarar tana shanye hasken da tsawon zangonsa ya kai wajen maikuromita 4.7, tana barin yawancin sauran ya wuce. Dalili kuwa shi ne ƙwayar ba ta karɓar kowane irin adadi na makamashi don ƙara ƙarfin kaɗawarta. Ko dai ta karɓi mataki guda cif, ko ta ƙi.

Duk abin da ake turawa daga mazauninsa, wani ƙarfi ya riƙa jawo shi baya gwargwadon nisan da ya yi, ana kiran kaɗawarsa kaɗawa mai daidaito. Nauyin da aka rataya a jikin sifirin haka yake yi, lilo ma haka, muddin bai yi nisa da yawa ba. A ilimin fiziks na da, babu abin da zai hana irin wannan abu ɗaukar kowane adadi na makamashi. A 1900 Max Planck ya ga lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa ba ya fita daidai sai an ɗauka cewa makamashin masu kaɗawa yana zuwa ne gunduwa-gunduwa. Ya sa wannan sharaɗi ne saboda shi kaɗai ke ba da amsar da ta dace da awo. Hujjar ta zo daga baya, ta hannun Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926. Hanyar Schrödinger doguwa ce, kuma ɗalibi kan gama ta ya sami amsa ba tare da ya ga inda daidaiton tazarar ya fito ba. Hanyar da ake dangantawa da Paul Dirac, wanda littafinsa kan kimiyyar kwantum ya fito a 1930, ta fi ta gajarta nesa ba kusa ba, kuma a ganina ita ce ke nuna sababi a fili.

Kafin a shiga cikinta, sai an fahimci abin da ake kira ofareta. Umarni ne na lissafi da ake zartarwa a kan wani abu, kuma abin lura game da umarni shi ne wanda aka fara da shi yana iya canza sakamako. Ɗauki 5. Ƙara 1 sannan ka ninka biyu, ka sami 12. Ninka biyu tukuna sannan ka ƙara 1, ka sami 11. A kimiyyar kwantum, matsayin abu, x, da mumentam ɗinsa, p, wato nauyinsa sau gudunsa, dukansu ofareta ne, kuma gaba da baya a tsakaninsu ba ɗaya ba ne:

```
xp − px = iħ
```

Alamar ħ adadin Planck ne da aka raba da 2π, i kuma ita ce lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1. Max Born da Pascual Jordan ne suka fito da wannan ƙa'ida a 1925, har an sassaƙa ta a kan dutsen kabarin Born a Göttingen. Duk abin da zai biyo baya daga gare ta ya tsiro.

Makamashin mai kaɗawa kashi biyu ne: na gudu, wanda ya dogara ga p sau p, da wanda ke ajiye a cikin miƙewar sifirin, wanda ya dogara ga x sau x. Jimlar murabba'i biyu ke nan, kuma irin wannan jimla ana iya tsaga ta gida biyu: u² + v² daidai yake da (u − iv) sau (u + iv). Dabarar ita ce a yi wa makamashin wannan tsagi. Sai a sami sababbin ofareta biyu, kowanne gaurayen x da p. Ɗaya ana rubuta shi a, ɗayan a†. Amma da yake x da p ba lambobi ba ne na yau da kullum, tsagin ba ya fita sumul. Yana barin ɗan saura. Idan aka bi lissafin, ga abin da ke fitowa:

```
aa† − a†a = 1
H = ħω(a†a + ½)
```

H shi ne ofaretan makamashi, ω kuma saurin kaɗawa ne, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa sau 2π. Wancan rabin da ke maƙale a ƙarshe shi ne sauran da tsagin ya bari. Za mu komo kansa.

Yanzu a sa wa a†a suna N. A ce mai kaɗawa yana cikin wani hali, ψ, wanda idan aka zartar da N a kansa sai ya ba da wata lamba n. Ba mu san n ba tukuna. Tana iya zama 3, tana iya zama 2.5. Tambayar ita ce: idan aka zartar da a† a kan ψ, wace lamba N zai bayar a kan sabon halin? Layi uku ne kawai:

```
N(a†ψ) = a†(aa†)ψ
       = a†(N + 1)ψ
       = (n + 1)(a†ψ)
```

A layi na biyu an musanya aa† da N + 1, bisa ƙa'idar farko. Ita ce kaɗai aka yi amfani da ita. Sakamakon yana cewa a† ya ɗaga halin daga n zuwa n + 1. Irin wannan lissafi ya nuna a yana sauke shi zuwa n − 1. Shi ya sa ake kiransu ofaretocin tsani, ɗaya mai hawarwa, ɗaya mai saukarwa. A nan ne amsar tambayarmu take: lambar 1 da ke cikin aa† − a†a = 1 ba ta san ko kana mataki na biyu ko na dubu ba. Ko'ina ka tsaya, 1 za a ƙara, saboda haka kowane hawa yana ƙara makamashi ħω, ba ragi ba ƙari. Ba kowane abu ne ke da wannan ɗabi'a ba. Matakan atam na haidirojin, alal misali, suna tsukewa ne yayin da ake hawa.

Saura sanin inda tsanin ya kafa ƙafa. Idan aka zartar da a a kan ψ, murabba'in girman sabon halin yana fitowa daidai da n. Murabba'in girma ba ya zama ƙasa da sifili, don haka n ma ba za ta iya ba. To a gwada n = 2.5. Mai saukarwa ya kai ta 1.5, sannan 0.5, sannan −0.5, wadda ba ta halatta ba. Babu abin da ya tsayar da saukar a hanya, kuma ta kai inda ba za a iya zuwa ba. Ashe tun farko 2.5 ba ta yiwuwa. A gwada n = 3 kuma: 2, 1, 0. A kan sifili girman halin da zai biyo baya sifili ne, wato babu wani hali a ƙasa, saukar ta yanke da kanta. Cikakkun lambobi ne kaɗai suke tsira daga wannan gwaji, sai matakan makamashi su zama:

```
E = (n + ½)ħω,   n = 0, 1, 2, 3, ...
```

Dubi mataki na ƙasa. Ko da n sifili ce, makamashi rabin ħω ne. Mai kaɗawa ba ya taɓa tsayawa cak, ko an kai shi ƙarshen sanyi, domin tsayawa cak na nufin x da p duka sifili ne a lokaci guda, abin da ƙa'idar Born da Jordan ta hana. Irin wannan motsi da ba ya ƙarewa ne ya sa ruwan hiliyam ba ya daskarewa kome sanyi, sai an matsa shi da abin da ya kai ninki 25 na matsin iskar duniya.

Mu koma ga CO da lambobinta. Masana na auna irin wannan ƙaramin makamashi da ma'aunin eV. Mataki ɗaya na CO wajen 0.266 eV ne, na ƙasa kuma yana wajen 0.13 eV. Zafin ɗaki yana ba kowace ƙwaya wajen 0.026 eV a matsakaici a kowane gungure da ta yi da maƙwabciyarta, wato kashi ɗaya bisa goma na mataki. Shi ya sa a zafin ɗaki ƙwaya ɗaya ce kacal cikin kusan 30,000 ke kan mataki na ɗaya. Sauran duk suna ƙasa. Haske yana kama ƙwayar ne ta hanyar x, shi kuwa x idan aka juya lissafin a + a† ne sau wani tsayayyen adadi. Ma'ana haske na iya hawar da ita ko sauke ta mataki guda tak a lokaci ɗaya. Ga dalilin zango ɗaya na maikuromita 4.7. Lilo da ke kai da komo sau ɗaya a daƙiƙa shi ma yana da matakai, amma kowanne bai kai jul ɗaya da aka raba da 1 mai sifili 33 a bayansa ba, don haka babu idon da zai gan su.

Sai dai haɗin atam biyu ba cikakken sifirin ba ne. Idan ya miƙe da yawa yakan yi laushi, daga ƙarshe ya tsinke. Na CO yana tsinkewa a wajen 11 eV. Tsanin Dirac kuwa ba shi da ƙarshe a sama, don haka dole ya saɓa wa gaskiya a wani wuri. Awo yana nuna saɓanin ta hanya biyu. Na farko, matakan suna tsukewa sannu a hankali: hawan farko 0.266 eV, na biyu 0.262, na uku 0.259, ragin da ya ɗan wuce kashi ɗaya cikin ɗari kowane hawa. Na biyu, ana ganin wata shanyewar haske mai rauni a wajen maikuromita 2.3, alamar cewa wasu ƙwayoyin sun tsallake mataki biyu a tashi ɗaya, abin da cikakken sifirin ba zai yarda da shi ba.

Wani lokacin daidaiton tazarar ma matsala ne. Da'irar lantarki mai ɗauke da kwayil da kafasita mai kaɗawa ce, kuma idan aka sanyaya ta sosai matakanta na bayyana daidai wa daida. Masu ƙera kwamfutar kwantum suna buƙatar matakai biyu ne kawai, na sifili da na ɗaya. Amma idan tazara ɗaya ce ko'ina, siginar da ta hawar da da'irar daga 0 zuwa 1 za ta ci gaba da tura ta zuwa 2 da 3. Don haka suke cire kwayil su sa wata 'yar na'ura mai suna mahaɗar Josephson, wadda ke sa hawa na biyu ya gaza na farko da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, yadda siginar da aka daidaita da hawan farko ba za ta dace da na biyu ba.