Jawabin Jyn Erso: Huɗubar Yaƙin Da Ba Ta Yi Alkawarin Nasara Ba

A fim ɗin Rogue One na 2016, ɗaya daga cikin jerin finafinan Star Wars, wata matashiya mai suna Jyn Erso, wadda Felicity Jones ta fito a matsayinta, ta yi jawabi sau biyu. Na farko ya faɗi ƙasa banza, na biyu kuwa ya sa mutane suka bi ta har bakin kabari.

Duniyar labarin ƙirƙirarriya ce. Wata azzalumar daula ta ƙera makami mai girman wata, Death Star, wanda zai iya tarwatsa duniya sukutum. Mahaifin Jyn, Galen Erso, da aka tilasta wa aikin ƙera shi, ya ɓoye wata ɓaraka a cikinsa. Sai dai ba a iya gano inda take sai an sato zanen makamin daga ma'ajiyar daular a Scarif.

A gaban majalisar 'yan tawaye a Yavin 4, Jyn ta yi magana a kan zalunci da rashin yanke ƙauna. Gaskiya ta faɗa, amma tsoro ya riga ya raba kan majalisar, kuma ba su yarda da 'yar wanda ya ƙera makamin ba. Aka watse ba matsaya.

Jawabi na biyu a cikin jirgin dakon kaya da suka sato ta yi shi, suna gab da sauka a Scarif. Ba dandamali, ba ganga, ba kirari. 'Yan sa kai kaɗan ne a cunkushe, kowa rungume da bindigarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta fara da tuno karin maganar Saw Gerrera, tsohon mayaƙin da ya rene ta, a kan abin da mutum guda zai iya idan ba shi da sauran abin asara. Sannan ta nuna musu makaminsu na gaske: maƙiyi bai san da zuwansu ba. Daga nan ta yayyanka aikin gunduwa-gunduwa: a fara taka ƙasa, sai a nemi dama ta gaba, a yi ta yi har a dace ko damar ta ƙare.

Nan ƙarfin jawabin yake. Mayaƙin da ya san yawan abokan gaba ba ya ruɗuwa da daɗin baki. Da ta ce musu kowa zai koma gida, da sun gane ƙarya ce. Sai ta ba su abin da hannu zai iya ɗauka, wato taki ɗaya. Cassian Andor ya ɗora da rabon aiki: wasu su tayar da hargitsi a waje, su kuma su kutsa ma'ajiyar.

Babu ko ɗaya cikinsu da ya bar Scarif da rai. Amma zanen ya fita, kuma da shi aka rusa makamin a fim ɗin farko na 1977.