Manhajar da ba ta ƙirga abin da ta saya

A safiyar Laraba, 1 ga Agusta 2012, da buɗe kasuwar hannun jari ta New York, kwamfutar kamfanin dillanci na Knight Capital ta karɓi oda 212 daga abokan ciniki. Aikinta shi ne ta yanka kowace oda ƙanana-ƙanana, ta riƙa turawa kasuwa har adadin da aka nema ya cika, sannan ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Cikin kusan minti 45 ta ƙulla ciniki sama da miliyan 4 a hannun jarin kamfanoni 154, adadin hannun jarin ya haura miliyan 397, kamfanin kuma ya yi asarar fiye da dala miliyan 460.

Binciken hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwannin hannun jarin Amurka, ya nuna inda gizo ke saƙa. A cikin manhajar akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge shi ba. A 2005 aka ɗauke ɓangaren da ke ƙirga abin da aka riga aka saya, aka mayar da shi wani wuri, ba a sake gwada tsohon sashen ba. Da aka zo ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutoci takwas, sai aka tsallake ɗaya, ita ce kuwa ta tayar da Power Peg daga barci. Kasuwa tana cika oda, sashen ba ya ganin an cika, sai ya sake turawa.

Wannan ba matsalar manyan kamfanoni ba ce kaɗai. Duk wanda ya rubuta ko ya sayi manhajar da ke saye da sayarwa da kanta, a kasuwar hannun jari ko ta kuɗin kirifto, yana ɗauke da ƙaramin Power Peg a aljihunsa, idan manhajar tana sake tura oda a duk lokacin da ta ga kamar ta farko ba ta yi ba. Umarnin "idan bai yiwu ba ka sake" yana da kyau wajen buɗe shafi ko sauke hoto, domin a can maimaitawa ba ta cin komai. A kasuwa kuwa kowace maimaitawa kuɗi ce.

Mu ɗauki misali da lissafinsa. Kana son hannun jari 10,000 na wani kamfani, ka gindaya cewa kada farashi ya wuce naira 50 a kan kowane ɗaya, wato ka ware naira 500,000. Odarka ta isa kasuwa ta tarar masu sayarwa a wannan farashin hannun jari 4,000 kawai suke da shi. Kasuwa ba za ta mayar da kai ba. Za ta ba ka 4,000 ɗin nan take, ragowar 6,000 kuma su zauna a layi suna jiran mai sayarwa. Wannan shi ne cikon rabi-rabi, kuma ba kuskure ba ne, haka kasuwa take aiki kullum.

To, a ce an gaya wa manhajar cewa idan daƙiƙa goma suka wuce oda ba ta cika ba, ta ƙara kobo 50 ta sake turawa. Tambayar da take yi ɗaya ce, ta cika ko ba ta cika ba. Ba ta cika ba, don haka ta tura sabuwar oda ta 10,000 a kan naira 50.50, aka cika ta duka, naira 505,000 suka fita. Tsohuwar odar kuwa tana nan a layi, babu wanda ya soke ta. Bayan awa ɗaya farashi ya sauko naira 50, aka cika 6,000 ɗin nan su ma. Ka tashi da hannun jari 20,000 a kan naira 1,005,000, ninkin abin da ka yi niyya. Idan kuɗin asusunka ba su kai ba dillali zai tare ka, amma mai ciniki da bashin dillali babu abin da zai tare shi da wuri.

Kurakurai biyu ne a nan. Manhajar ba ta cire abin da ta samu ba, kuma ta bar oda biyu a raye lokaci guda. Na farkon gyaransa da sauƙi, domin kasuwa tana faɗin adadin da bakinta. A FIX, tsarin saƙonnin da dillalai da kasuwanni suke amfani da shi tun 1992, kowane rahoton ciniki yana zuwa da `OrderQty`, abin da ka nema, da `CumQty`, jimillar abin da aka cika, da `LeavesQty`, abin da ya rage a layi. A misalinmu 10,000 ne da 4,000 da 6,000. Manhaja ta dogara da `CumQty`, kada ta riƙa tara ƙananan rahotanni da kanta, saboda bayan katsewar layi ana iya sake aiko rahoton da ya riga ya zo, mai tarawa kuma zai ƙirga shi sau biyu.

Na biyun ya fi wuya, kuma nan ne ƙwararru ma suke tuntuɓe. A ce manhajar ta yi wayo, ta aika saƙon soke tsohuwar oda, ta lissafa saura 6,000, ta tura sabuwa nan take. Saƙon sokewa roƙo ne, ba umarni ba ne da ya zartu da zarar an aika. Kafin ya isa, wani mai sayarwa ya shigo da 1,500, kasuwa ta cika maka su. Yanzu kana da 5,500, ga sabuwar oda ta 6,000 a hanya, jimilla 11,500. Wani lokacin ma an cika ragowar gaba ɗaya, sai amsa ta dawo cewa an makara, babu abin sokewa. Tsarin da ba ya cin mutum shi ne a soke, a jira tabbacin sokewar, a karanta `CumQty` na ƙarshe da ke cikin tabbacin, sannan a yi lissafi:

```
saura = buri - CumQty
saura = 10000 - 5500 = 4500
```

Sai a tura 4,500. Idan oda uku aka riga aka tura aka soke, jimillar abin da aka cika a dukkansu za a cire. Jiran tabbaci yana cin lokaci, farashi yana iya gudu a tsakani, kuma na san masu gaggawa ba sa son jin haka. Amma asarar kobo 50 a kan hannun jari 4,500 abu ne da za ka iya lissafawa tun kafin ya faru, shi kuwa sayen abin da ba ka nema ba ba shi da iyaka. Akwai kuma wutsiyar da ake mantawa: idan ragowar ta yi ƙanƙanta har ta gaza mafi ƙarancin abin da kasuwar ke karɓa, a bar ta, a rubuta cewa aiki ya ƙare da ɗan gibi.

Ita kuwa odar da aka ƙi, alherinta shi ne ka san ba a saya maka komai ba. Abin dubawa shi ne dalili, kuma dalilin yana zuwa a rubuce, a FIX cikin `OrdRejReason`. Wasu dalilan ba sa warkewa da maimaitawa. Kuɗin asusu bai isa ba, an rubuta sunan hannun jari ba daidai ba, kasuwa a rufe take, ko farashin ya fita daga iyakar da aka yarda, kamar a kasuwar NGX ta Legas inda hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana. Ka tura irin wannan sau dubu, amsa ɗaya za ka samu. Manhaja ta tsaya ta sanar da mai ita. Kuma kada a ba ta izinin gyara odar da kanta har sai ta shige, domin manhajar da ke ƙara farashi a duk lokacin da aka ƙi ta za ta ƙare da saye a kan farashin da kai ba za ka taɓa yarda da shi ba.

Wasu dalilan na ɗan lokaci ne, mafi yawa shi ne an ce saƙonninka sun yi yawa. A Binance, misali, amsar ita ce `429`, wanda ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba da turawa kuma sai ya ga `418`, an toshe adireshinsa na wani lokaci. A nan ana sake gwadawa, amma da tazara mai ninkawa, daƙiƙa ɗaya, biyu, huɗu, takwas, kuma da iyaka, a ce sau biyar. Kafin kowane gwaji a sake duba farashi, domin dalilin da ya sa ka so saye minti ɗaya da ya wuce yana iya gushewa. Dalilin da manhajar ba ta gane ba kuwa, ta ɗauke shi a matsayin na tsayawa.

Mafi hatsari shi ne shiru. Ka tura oda, layi ya katse ko lokacin jira ya ƙare, babu amsa. Kamar ka aiki yaro da kuɗi ya sayo buhun masara ne ya daɗe bai dawo ba, daɗewarsa ba ta nufin bai saya ba, idan ka aiki wani da sabon kuɗi kana iya wayar gari da buhu biyu. Shiru ba ƙi ba ne. Maganinsa lambar shaida ce da manhajarka take ba kowace oda, `ClOrdID` a FIX, `newClientOrderId` a Binance. A rubuta lambar a ma'ajiya mai ɗorewa kafin a tura odar, ba bayan an tura ba, yadda ko an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, idan ta farfaɗo za ta san abin da za ta tambaya. Sai ta tambayi kasuwa halin da oda mai wannan lamba take ciki, ta duba jerin odar da ke raye da cinikin da aka ƙulla. Sai an tabbatar odar ba ta isa ba za a sake turawa. Kada a dogara da cewa kasuwa za ta ƙi lambar da aka maimaita, domin a wasu wuraren idan odar farko ta riga ta cika ana sake karɓar lambar.

Bayan duk wannan, dole a sami birki da ke zaune a wajen sashen maimaitawa, wanda bai yarda da lissafinsa ba. Shi yana kwatanta abin da manhaja ta ce tana da shi da abin da dillali ya ce kana da shi, yana kuma da iyakar adadi da ta kuɗi da ta yawan oda a minti, da zarar an ƙetare sai ya soke komai ya hana turawa. Wannan ne Knight Capital ya rasa. Kafin a buɗe kasuwa a ranar, kwamfutarsa ta aika wa ma'aikata saƙonnin imel 97 masu ambaton Power Peg, ba a ɗauke su a matsayin ƙararrawa ba. Da ɓarna ta fara, sai injiniyoyi suka cire sabuwar manhajar daga kwamfutoci bakwai masu lafiya, abin ya ƙara muni. A Oktoba 2013 SEC ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12 saboda rashin irin wannan kariya.

Alamun cutar suna bayyana tun kafin asara. Oda biyu a raye a kan hannun jari ɗaya a ɓangare ɗaya, ko ƙi mai dalili iri ɗaya yana maimaituwa a jere cikin kundin manhajar, ko adadin da ke allonka ya saɓa da na dillali ko da hannun jari ɗaya ne. Idan kana shirin ba wata manhaja makullin asusunka, ka fara gwada ta a asusun gwaji ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ka tura odar da ta fi abin da ke kasuwa a farashinka, ka cire waya daga intanet a tsakiyar aiki, ka mayar, ka ƙirga abin da ta saya. Idan ya wuce abin da ka nema, kada ka ba ta kuɗinka.