Yadda Ake Tsara Cikin Littafi, Daga Fili Zuwa Lambar Shafi

Duk littafin boko da mutum ya ɗauka, in dai ya fito daga hannun gwani, zai tarar shafi na 1 yana hannun dama, na 2 yana bayansa a hagu, na 3 ya sake dawowa dama. Haka za a tafi har ƙarshe: lambobin mara a dama, na cika a hagu. A littattafan Larabci da na ajami, da ake buɗewa ta ɗaya ɓangaren, abin yakan juya. Wannan ƙa'ida ita ce tushen aikin mai tsara shafi, domin shi ba ya kallon shafi ɗaya shi kaɗai. Kullum biyu yake kallo a buɗe, da ɗauri a tsakaninsu. Marubucin da ya saba da takardar A4 a kwamfuta, shafi ɗaya bayan ɗaya, a nan ne yakan fara ruɗewa ranar da ya ce zai tsara littafinsa da kansa.

A ɗauki misalin ƙagaggen labari mai kalma 40,000 da babi goma, wanda za a buga a girman A5, wato faɗi milimita 148, tsayi 210. Rabin takardar A4 ke nan, girman da makaranta littattafan Hausa na kasuwar Kano suka daɗe da sabawa da shi.

Abu na farko shi ne filin da za a bari fari a gefuna huɗu. Masu ɗab'i na da a Turai suna barin fili kaɗan ta ciki, su ƙara a sama, su ƙara ta waje, sannan su bar mafi yawa a ƙasa. Jan Tschichold, Bajamushen masanin ɗab'i na ƙarni na 20, ya auna tsofaffin littattafai ya fitar da ma'aunin 2 da 3 da 4 da 6 na waɗannan gefuna a jere. Amma yawancin waɗancan littattafai ɗinke su ake yi da zare, suna buɗewa su kwanta shimfiɗe. Littafin yau kuwa galibi da gam ake haɗa gindinsa, ba ya buɗewa sosai, ɗaurin yakan cinye milimita da dama. Saboda haka a littafinmu za a bar 20 ta ciki, 15 ta waje, 18 a sama, 22 a ƙasa. In an matse filin ciki, mai karatu zai riƙa danne littafin don ya ga ƙarshen layi, gam ɗin ya tsage, fallaye su fara zubewa. In an matse na waje, babban yatsa zai rufe rubutu, kuma wuƙar datsewa in ta kauce kaɗan sai ta kusanci harufa. A manhajar Word, zaɓin da ake kira Mirror margins shi ne yake sa filin ciki ya koma hagu a shafin dama, ya koma dama a shafin hagu.

Da an cire gefunan, abin da ya rage wa rubutu shi ne faɗi milimita 113 da tsayi 170. Ana auna harufa da foyin, lambar nan da ake zaɓa a kwamfuta, kuma foyin ɗaya ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na milimita. In aka sa harafi mai foyin 11, aka ba kowane layi tsayin foyin 14, shafi zai ɗauki layi 34, kowane layi da kimanin harafi 65 har da tazarar kalmomi. Wannan adadi yana da dalili. Robert Bringhurst, a littafinsa na 1992 kan fasahar tsara harufa, ya nuna cewa layin da ya fi daɗin karatu yana tsakanin harafi 45 da 75. In ya wuce haka, ido yakan ɓata hanya wajen dawowa farkon layi na gaba, mutum ya maimaita layin da ya karanta ko ya tsallake ɗaya.

A nan akwai wata matsala ta musamman ga littafin Hausa, wato harufa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ga masu bin rubutun Nijar. Nau'o'in rubutu da yawa masu kyau ba su da su. Kwamfuta ba ta faɗa wa kowa, sai ta aro harafin daga wani nau'in ta cusa a tsakiyar kalma, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, wani lokaci ma ya buɗa tazarar layin duka. Kafin a zaɓi nau'i, a rubuta manya da ƙananan waɗannan harufa, a mayar da su masu kauri da masu karkata, a ƙura musu ido. Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk suna da su, kuma kyauta ake samunsu.

Yanzu sai lissafin shafuka, inda kyau da kuɗi suke haɗuwa. Labari mai yawan hira yana barin layuka da yawa ba su cika ba, don haka a ƙaddara kalma 300 a shafi. Kalma 40,000 za su ci shafi 134. Kowane babi yana farawa ne daga ƙasa kaɗan, a bar kusan kashi ɗaya cikin uku na shafin fari a samansa, kuma shafinsa na ƙarshe ba kasafai yake cika ba. Babi goma za su ƙara kamar shafi 8 ta wannan hanya. In an ce dole kowane babi ya fara a dama, kamar yadda aka saba a littattafan ilimi, kusan rabinsu za su bar shafin hagu babu komai, ga wasu 5. A haɗa da shafi 6 na farko, masu ɗauke da suna, haƙƙin mallaka, sadaukarwa da ƙunshiya. Jimla 153.

Maɗaba'a kuwa ba ta buga shafi ɗaya-ɗaya. Babban falle ake bugawa gaba da baya, shafi takwas a kowace fuska, a ninke shi sau uku ya zama ƙunshi mai shafi 16. Ƙunshi tara shafi 144 ne, goma kuma 160. Littafi mai 153 ya faɗa tsakani. Ko dai a biya kuɗin 160 a bar shafi bakwai fari a ƙarshe, ko a sauko da shi 144. Gwani ba zai ƙanƙanta harafi ko ya cinye gefe ba. Zai bar babi ya fara a duk ɓangaren da ya faɗo, abin da ba laifi ba ne a ƙagaggen labari, ya ceto shafi 5. Sannan ya rage tsayin layi daga 14 zuwa 13.5, shafi ya ɗauki layi 35, ya ceto kusan 4. Littafi ya tsaya a 144, mai karatu ba zai ji bambanci ba. A bugun kwafi 1,000, babban falle 1,000 ke nan aka rage, ban da farantan bugu na wannan ƙunshi.

Lambar shafi tana da nata ladabi. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na malaman ƙasar Hausa da Barno fallaye ne warwatse a cikin gafaka, kuma abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar farko ta falle na gaba da marubuci yakan ajiye a ƙasan wanda ya gabace shi. A littafin ɗab'i lamba ce ta karɓi wannan aiki. Wurinta ko dai tsakiyar ƙasa, ko kusurwar waje inda yatsa ke bi in ana neman shafi. Sa ta a kusurwar ciki ɓarna ce, don ba za a gan ta ba sai an baje littafin. Shafukan farko akan ba su lambobin Romawa ƙanana, i, ii, iii, domin in gabatarwa ta ƙaru daga baya kada lambobin ainihin littafin su motsa, ƙunshiya ta lalace. Shafin suna da shafin da babu rubutu ana ƙirga su, amma ba a buga musu lamba.

Sai ƙaramin kanun da ke maimaituwa a saman kowane shafi. Yawanci sunan littafi ko na marubuci a hagu, sunan babi a dama, da harafi ƙarami fiye da na jiki. Amfaninsa ya fi bayyana a littafin karatu, inda ɗalibi zai buɗe tsakiya ya san nan take a wane babi yake. A shafin buɗe babi ana cire shi, tunda ga sunan babin nan da manyan harufa, lambar shafi kuma ta sauka ƙasa ko a ɓoye ta. Sakin layi na farko a babi yakan fara daga bakin gefe ba tare da an tura shi ciki ba, sauran ne ake turawa.

A Word, abubuwa uku ne ke tafiyar da wannan. Different Odd & Even Pages yana raba kanun hagu da na dama. Different First Page yana share shi daga shafin buɗe babi. Kowane babi kuma sai an raba shi da Section Break. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne Link to Previous: muddin yana kunne, wanda ya canza kanun babi na bakwai zai tarar na shida, da duk na baya da ke haɗe da shi, sun koma sunan na bakwai. Tarko na biyu shi ne danna Enter sau ashirin don tura babi zuwa sabon shafi. Da an gyara jimla ɗaya a baya, ko an buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar, sai taken babi ya tsinci kansa a tsakiyar shafi.

Bayan an zuba rubutu, mai tsarawa yakan bi shafukan bibbiyu yana neman abubuwan da na'ura ba ta damu da su ba: layin ƙarshe na sakin layi da ya tsallaka shi kaɗai saman sabon shafi, ƙaramin take da ya maƙale a ƙasa rubutunsa yana gaba, babin da ya ƙare da layi biyu kacal. Irin wannan babi, matse sakin layi ɗaya a baya yakan jawo layukan ya ceto shafi guda. Karya kalma a ƙarshen layi ma sai an bi da ido, domin manhajar da aka bari a kan Turanci za ta iya raba ts ko ky gida biyu, alhali Hausa a kan gaɓa take karyewa.

Abin da ake kai wa maɗaba'a PDF ne mai girman littafin daidai, da nau'in rubutun a ƙunshe cikinsa, don kada kwamfutar can ta musanya shi. Kafin nan, a buga shafi 16 na farko gaba da baya, a ninke, a riƙe a hannu. A ɗaga falle ɗaya sama wajen haske: in tsarin ya yi daidai, layukan gaba za su hau kan na baya, gefen ciki na fuskokin biyu ya dace da juna. In ɗaya ya zame ya bar ɗaya, a koma a duba gefunan tun ba a yi farantai ba.