Idan manhaja ta nuna allo wayam: yadda ake gane ko tana jagora ko ta yasar da mai ita

Duk manhajar waya tana da lokutan da ba ta da abin nunawa: ko tana jiran bayanai daga intanet, ko kuma bayanan ne babu su. A inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, mutane kan daɗe a gaban irin wannan allo, kuma abin da aka rubuta a kansa kan iya jawo asarar kuɗi.

Allon da babu komai yana iya nufin abu uku. Ko dai mutum sabon shiga ne bai yi komai ba tukuna, ko manhajar tana kan ɗauko bayanai, ko ta nema ta kasa. Manhaja mai kyau takan faɗi wanne ne a ciki. Maras kyau kuwa fuska ɗaya take nuna wa duka ukun.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Maraɗi da ya aika jika 20 na sefa zuwa Damagaram ta manhajar tura kuɗi. Ya danna maɓallin aikawa, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, sai rezo ya ɗauke. Ya buɗe shafin tarihin cinikinsa domin ya tabbatar, sai ya ga an rubuta «Aucune transaction», wato babu wani ciniki. Ya ɗauka kuɗin ba su tafi ba, ya sake aikawa. Alhali saƙon farko ya riga ya isa kwamfutar kamfanin, amsar ce kawai ba ta dawo ba. Jika 40 ke nan suka fita.

Kuskuren yakan samo asali ne daga yadda aka rubuta manhajar. Shafin tarihi yana farawa da jeri wanda babu komai a cikinsa, sannan ya nemi bayanai ya cika shi. Idan mai rubutawa ya ba da umarni ɗaya tak, cewa duk lokacin da jerin yake fanko a ce babu ciniki, to ko neman ne ya gaza, wannan saƙon zai fito. Abin da ya dace a nan shi ne a ce ba a samu ɗauko tarihin ba, a gargaɗi mutum kada ya sake aikawa kafin ya tabbatar, a kuma ba shi maɓallin «Réessayer» na sake gwadawa.

Jiran kansa yana da ma'auni. A littafinsa Usability Engineering na 1993, masanin nan ɗan ƙasar Denmark, Jakob Nielsen, ya kawo iyakoki uku. Amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum yana jin ta nan take. Zuwa sakan 1 zai lura da jinkiri amma tunaninsa bai katse ba. Bayan sakan 10 hankalinsa ya fara komawa wani wuri. Saboda haka da'ira mai juyawa ta isa ga jiran sakan biyu ko uku, amma idan abin zai wuce goma, sai an faɗi me ake yi da kuma inda aka kai. Da'irar ba shaida ba ce cewa aiki na tafiya, domin a cikin wayar take juyawa, ko da haɗin ya yanke tuntuni.

Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. Da farko a kunna «Mode avion», a buɗe manhajar, a shiga shafin tarihi: shin ta ce babu intanet, ko ta ce babu ciniki? Daga nan a mayar da wayar kan 2G, wanda wayoyin Android da yawa ke bari a zaɓa a saitin rezo, a ƙirga sakan nawa da'irar za ta yi kafin wani bayani ya fito. Idan minti guda ya cika ba ta ce uffan ba, ta yasar da mai ita. Sannan a katse intanet a tsakiyar aikawa, da kuɗi kaɗan, a duba ko maɓallin aikawa ya kulle bayan dannawar farko, da ko cinikin ya bayyana a matsayin wanda ke jiran tabbaci.

Gwaji na ƙarshe shi ne na sabon asusu. Shafin da babu komai a cikinsa ya kamata ya faɗi abin da zai riƙa bayyana a wurin, ya kuma nuna maɓalli ɗaya na farawa. A miƙa wayar ga wanda bai taɓa amfani da manhajar ba, ba tare da an yi masa bayani ba. Idan ya ɗago kai ya tambaya ina zai danna, allon bai yi aikinsa ba.