Zoben maganadisu da ke kewaye da wayar lantarki

A shekarar 1820, Hans Christian Ørsted ɗan ƙasar Denmark ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan lantarki na bin wayar da ke kusa da ita. Dalili kuwa, ƙarfin maganadisu yana kewaye wayar zobe-zobe, kamar awarwaro a hannu. Kama wayar da hannun dama, babban yatsa na nuna inda lantarkin ya nufa; sauran yatsun sun nuna yadda zoben ke juyawa.

Dokar Ampère ta ce idan ka zagaya wayar sau ɗaya kana tara ƙarfin maganadisun da ke bin hanyarka, jimillar ita ce μ₀ sau lantarkin da ka kewaye. A doguwar waya miƙaƙƙiya lissafin yana da daɗi, domin ko'ina a kan zoben ƙarfin ɗaya ne. Tsawon zoben 2πr ne, saboda haka B × 2πr = μ₀I, wato B = μ₀I/2πr.

Ɗauki waya mai amfiya 10, ka auna a nisan santimita 5. Da yake μ₀ = 4π × 10⁻⁷, amsar ita ce maikirotesla 40, kusan daidai da maganadisun duniya kanta. Ninka nisan, ƙarfin ya ragu da rabi.

Sai dai a kula, kusa da bakin waya ko inda ta lanƙwashe, wannan lissafin ba ya aiki. Haka nan igiyar fanka mai waya biyu: lantarkin zuwa da na dawowa suna kashe juna, shi ya sa mai gyaran wuta ke maƙala mitarsa a waya ɗaya kawai.