Kafin Ka Karɓi Mabuɗin Gidan Haya, Rubuta Abin da Ka Tarar

Tirmini tana bakin babban titin da ya taso daga Damagaram zuwa Maraɗi, kuma ba ta rabuwa da baƙin ma'aikata: malamin lakkol, ma'aikaciyar gidan likita, duk wanda aiki ya jefo. Yawancinsu da fatar baki suke kama haya. Rigima sai ranar tashi, lokacin da mai gida zai ce ƙofar nan lafiya lau ya ba da ita, ɗan haya kuwa ya rantse a ɓalle ya tarar da ita. Mai gari zai saurare su duka biyu, amma da me zai raba gardama?

Maganin abin bai wuce littafi ɗaya da salula mai ɗaukar hoto ba. Ranar karɓar mabuɗi, da rana tsaka, ku zagaya gidan tare da mai shi da shaidu biyu, ɗaki bayan ɗaki. Kowane abu a ba shi layinsa: mene ne, na wane ne, a wane hali yake, nawa zai yi a yau. Wurin faɗin halin kaya ne aka fi yin sakaci. A rubuta "mai kyau" ba a ce komai ba. A ce ƙofar ƙarfe ce, tsatsa ta ci gindinta, sakata tana aiki, mabuɗai biyu. A ƙwanƙwasa azara, in ta yi ƙarar holoƙo ko ƙasa ta zubo, gara ta riga ka shiga. Wanda ya shiga da rani ba zai ga yoyo ba, sai ya ɗaga kai ya nemi shatin ruwa a bango da rufi, ya sa a takarda.

Hoto kuma iri uku ne. Ɗaya daga bakin ƙofa, ya kama ɗakin gaba ɗaya. Ɗaya kusa da aibin. Ɗaya na lambar da ke jikin na'ura, don kada gobe a ce an musanya ta. In bango ya tsage, a kara kwalin ashana a jikin tsagar kafin a ɗauka, yadda za a gane ko ta ƙara buɗewa. A ranar a tura wa mai gida hotunan ta WhatsApp, saƙon da kansa zai riƙe kwanan wata.

Ƙima ita ce mai wuyar sha'ani, domin mai kaya kuɗin saye yake tunawa. Mu ɗauka a gidan akwai batirin sola da aka saya jika 90, kuma ku biyu kun yarda shekara 3 irinsa yake yi. Kowace shekara ke nan jika 30 ke zubewa. In ya yi shekara 2 kafin ka shiga, jika 30 za a rubuta. Ka zauna shekara guda ya mutu, kwanansa ne ya ƙare, ba a binka sabo. Amma in ka ƙone shi bayan wata 6, abin da ya rage jika 15 ne, shi za ka biya. Batiri ba a gane lafiyarsa da ido, don haka a daren farko a kunna ƙwai da fanka, a ga awa nawa zai riƙe, a rubuta.

Wannan littafi shi ne kuma hujjar mai inshorar gobara ko sata. Kamfanonin inshora a Nijar suna bin dokar CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma a ƙarƙashinta diyya ba ta wuce ƙimar kaya a ranar hasara. Rage ƙima don biyan kuɗi kaɗan ma tarko ne: mai kayan miliyan ɗaya da ya rubuta rabin miliyan, in gobara ta ci masa na jika 200, jika 100 zai karɓa, sai fa in an yi wani sharaɗi daban. Kada kuma a ɗauka takardar gobara ta haɗa da ambaliya. Wanda ya ga damanar 2024, da ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ya kamata ya tambaya kafin ya sa hannu.

In an gama, kowa ya sa hannu ko ya dangwala a kowane shafi, har da shaidu, a yi kwafi biyu. Naka kada ya kwana a cikin gidan da yake bayani a kai. Ka kai shi wurin ɗan'uwa, ka tura masa hotunan ma, saboda wuta ko ruwan da zai ci kaya zai haɗa da takarda da salula.